Yadda ake bi da takardar tara daga GRA bayan kamfani ya daina aiki kuma an shigar da ritan na sifiri

Aikina riƙe littattafan ƙananan kamfanoni ne a nan Kumasi, akasari na mutanenmu na Aboabo da Asawasi da Sabon Zango. Ƙorafin da ya fi zuwa teburina shi ne na kamfanin da aka yi wa rajista, ciniki ya tsaya, an rufe shago, an shigar da ritan na sifiri, takardar bayanin haraji mai nuna ba a yi ciniki ba, a hukumar tara haraji ta Gana, wato GRA, amma sai ga takardar tara. Mai kamfani yakan ce, "Malam, ban sayar da ko allura ba, a kan me za su ci ni tara?" Amsar ita ce, ritan na sifiri abu ɗaya kawai yake faɗa, cewa babu harajin da za a biya a wannan lokacin. Ita kuwa tarar ba a kan kuɗin haraji take ba, a kan lokaci take. Kowane irin haraji da aka ɗora wa kamfani yana da ritan ɗinsa da ranarsa, kuma kowanne tararsa daban. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano wane ritan ne, na wane lokaci, sannan ka san ƙofar da za ka buga.

Abubuwan da za ka tara kafin ka fita daga gida

Takardar tarar kanta, da shaidar ranar da ta same ka. Idan ta imel ta zo, kada ka goge saƙon. Idan hannu da hannu aka kawo, rubuta ranar a bayanta nan take, domin daga wannan rana wa'adinka yake fara tafiya.

Lambar TIN ta kamfani, wato lambarsa ta mai biyan haraji, wadda ke farawa da harafin C. Ba ita ce lambar katin ɗan ƙasa na darakta ba. Tun 2021 lambar katin ta zama TIN ta mutum, amma kamfani yana nan da tasa.

Damar shiga asusun kamfanin a taxpayersportal.com. Idan wani akawu ne ya buɗe muku, karɓo bayanan shiga daga hannunsa yau.

Shaidar karɓar kowane ritan da kuka shigar, mai ɗauke da rana da lokacin da ritan ɗin ya shafa. Idan a takarda aka kai, kwafin da ke da hatimin ofis.

Bayanin asusun banki na kamfanin na duk watannin da ake magana, har da na momo idan akwai lambar kasuwanci da sunan kamfanin.

Takardar rajistar kamfani, da takardar rajistar VAT idan kuna da ita. Sai kalanda, alƙalami da farar takarda, don akwai ɗan lissafin kwanaki.

1. Tabbatar da wanda ya aiko takardar

Kamfani a Gana yana da wurare biyu da yake kai bayani duk shekara, kuma mutane suna yawan haɗa su. Akwai GRA mai karɓar haraji, akwai kuma ORC, ofishin mai rajistar kamfanoni, wanda dokar kamfanoni ta 2019, Act 992, ta kafa. ORC yana da nasa ritan na shekara, yana da tasa tarar, kuma abin da ka shigar a GRA ba ya isa can. Duba tambarin da ke saman takardar da dokar da aka ambata. Idan ta ORC ce, ritan na sifirin da ka yi a GRA ba hujja ba ce ko kaɗan, sai dai ka je ka sabunta bayanan kamfanin a can. Sauran wannan bayani a kan takardar GRA yake.

Shiga asusun kamfanin a taxpayersportal.com ka ga ko adadin da ke takardar yana cikin bashin da aka rubuta muku. Duk takardar da ta ce ka tura kuɗi zuwa lambar wayar wani mutum, ajiye ta gefe ka kai ta ofis a duba. Kuɗin gwamnati ta ghana.gov.gh ko ta banki yake bi, kuma rasit yana fita da sunan kamfani.

2. Fitar da jerin harajin da aka ɗora wa kamfanin

A nan yawancin matsalar take ɓoye. Ranar da aka yi wa kamfani rajista a GRA, an ɗora masa nau'o'in haraji gwargwadon abin da aka ce zai yi, kuma ba sa sauka da kansu don an rufe shago. Duba su a asusun, ko ka je ofishin GRA da ke riƙe da fayil ɗinku ka nemi a buga maka. Ga waɗanda aka fi gani da ranakunsu, ga kamfanin da shekararsa ke ƙarewa a Disamba.

Harajin ribar kamfani, wanda ake rubuta CIT, ritan ɗinsa na shekara ne, wata huɗu bayan ƙarshen shekara, wato 30 ga Afrilu. Yana da wata takarda ta biyu da ake yawan mantawa, ƙiyasin ribar shekarar da ake ciki, wanda ake shigarwa zuwa ƙarshen Maris. Ko sifiri kake ƙiyastawa, sai ka shigar, kuma rashinsa yana iya jawo tararsa daban.

PAYE, harajin albashin ma'aikata, da WHT, harajin da ake cirewa daga kuɗin da kamfani ya biya wani, duk wata ake shigar da su, zuwa 15 ga watan da ke biye.

VAT ma duk wata ne, zuwa ranar aiki ta ƙarshe a watan da ke biye. Ka lura da kyau, ranar aiki ta ƙarshe ce, ba ranar ƙarshen wata ba. Idan wata ya ƙare ranar Asabar, wa'adinka Juma'a ne.

Wanda ya shigar da ritan na shekara kaɗai alhali yana da rajistar VAT, ya bar ritan goma sha biyu a buɗe a shekara guda, kowanne da agogonsa.

3. Warware adadin tarar, ka mai da shi kwanaki

Sashe na 73 na dokar tafiyar da haraji ta 2016, Act 915, shi ne tushen wannan tara: sidi 500 da zarar an wuce wa'adi, sannan sidi 10 a kan kowace rana da aka ƙara ba a shigar ba. Babu inda aka ce sai idan akwai harajin biya. Da yake lissafin a bayyane yake, adadin da ke takardar zai gaya maka labarin da kansa. Cire 500, raba saura da 10, ka sami yawan kwanaki. Ƙirga su daga ranar wa'adi, ka ga a wace rana suka sauka.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfani ne a Aboabo da ke kawo albasa da hatsi daga arewa, ya tsaya da aiki tun ƙarshen 2023, yana da CIT da VAT a kansa. Ranar 30 ga Yuni 2025 takarda ta iso da jimillar sidi 3,360, a layi uku.

Layin farko sidi 970 ne, a kan CIT na shekarar 2024. An cire 500 saura 470, wato kwana 47. Daga 30 ga Afrilu, kwana 31 na Mayu da 16 na Yuni, an sauka a 16 ga Yuni. Da aka duba shaidar karɓa, lallai ranar 16 ga Yuni aka shigar da ritan na sifirin. Wannan tara daidai take. An shigar, amma a makare.

Layi na biyu sidi 670 ne, a kan VAT na watan Afrilu 2025. Wa'adinsa Juma'a 30 ga Mayu. An cire 500 saura 170, kwana 17, ya sake sauka a 16 ga Yuni. Ranar da aka zauna yin na shekara ne aka tuna da wannan. Ita ma daidai take.

Layi na uku sidi 1,720 ne, a kan VAT na Janairu 2025, mai wa'adin Juma'a 28 ga Fabrairu. An cire 500 saura 1,220, kwana 122. Ƙirga Maris, Afrilu, Mayu da Yuni, sai ka sauka a 30 ga Yuni, ranar da aka rubuta takardar kanta. Wannan alama ce babba. Duk lokacin da kwanakin suka ƙare a ranar takardar, ma'ana a wurin GRA ba a shigar da wannan ritan ba har yanzu, kuma sidi 10 na ci gaba da hawa kullum.

Idan lissafinka ya bambanta da nasu da kwana ɗaya, kada ka ɓata lokaci a kai, yawanci bambancin ranar fara ƙirge ne. Idan kuwa adadin bai rabu da 10 ba bayan ka cire 500, to akwai wani abu a ciki da ba tarar jinkiri ba, ko kuɗin ruwa a kan tsohon bashi ko wani haraji da ofis ya ƙiyasta muku da kansa. Nemi a buga maka cikakken bayanin asusun harajin kamfanin ka gani layi-layi.

4. Binciki ritan ɗin da suka ce bai iso ba

Kafin ka ce GRA ta yi kuskure, ɗauko shaidar karɓa ka duba abu huɗu da idonka: lambar TIN, nau'in haraji, watan da shekarar da aka zaɓa, da ranar karɓa. Kurakuran da na fi gani a nan suke. An cike fom an adana amma ba a tura ba, ya zauna a asusun ba a ƙarasa shi ba. An zaɓi Janairu na bara maimakon na bana. An shigar a ƙarƙashin lambar darakta maimakon ta kamfani. Ko kuma an ba wani kuɗi ya je ya yi, ya dawo ya ce an gama, ba tare da wata takarda ba. Maganar baki ba shaida ba ce, hoton fom ɗin da aka cike ma ba shaida ba ne. Shaida ita ce abin da GRA ta bayar bayan ta karɓa.

Idan shaidar ta ɓace, duba tarihin ritan a asusun ka sake saukar da ita, ko ka binciki imel ɗin da aka yi rajista da shi. Idan duk babu, ka ɗauka cewa ba a shigar ba, ka wuce mataki na gaba.

A misalinmu an sami shaidar: TIN daidai, VAT, Janairu 2025, an karɓa ranar 20 ga Fabrairu, kwana takwas kafin wa'adi. Ke nan layi na uku bai kamata ya kasance ba.

5. Tsayar da agogo kafin ka fara jayayya

Duk ritan da binciken ya nuna ba a shigar ba, shigar da shi yau, kafin wasiƙa, kafin zuwa ofis. Rubuta ƙorafi ba ya dakatar da sidi 10 na kullum, shigarwa ce kawai ke dakatar da shi. Mai wata shida na VAT a buɗe yana ƙara sidi 60 kowace rana da ya kwana yana fushi. Sai dai wanda kake da shaidarsa a hannu, kamar layi na uku, kada ka sake shigar da shi, domin sabuwar ranar za ta iya zama kamar ita ce ta farko, ka raunana hujjarka da hannunka.

Amma dakata ka tambayi kanka ko sifirin na gaskiya ne. Buɗe bayanin banki. Idan kuɗin ciniki ya shigo a watan, ko an sayar da ragowar kaya, ko an biya mai gadi albashi, ba sifiri ba ne. Idan kamfani yana biyan hayar shago ko sito, akwai kashi 15 cikin 100 na WHT da ya kamata a cire a kai wa GRA. Rubuta sifiri a kan watan da aka yi hulɗa bayanin ƙarya ne a idon doka, kuma tararsa tana iya fin ta jinkiri nauyi nesa ba kusa ba. Akwai wani ɓangaren kuma da ke amfanar ka: idan babu ciniki amma an kashe kuɗi, kamar cajin banki da kuɗin akanta, abin da ya dace a nuna a ritan na shekara shi ne asara, domin ana iya cire ta daga ribar shekarun gaba idan kamfani ya farfaɗo. Wannan zauna da akanta ku duba.

6. Raba layukan gida biyu

Hanyoyi biyu ne, kuma cakuɗa su a wasiƙa ɗaya yana kashe duka biyun. Ta farko ita ce ƙin amincewa, inda kake cewa tarar ba daidai ba ce. Ta biyu ita ce neman yafiya, inda ka yarda an makara amma kana da uzuri. Wanda ya rubuta "ban yi laifi ba, kuma a yi mini afuwa" ya bar jami'in da ke karantawa bai san abin da zai yi aiki a kai ba. A misalinmu sidi 1,720 na ƙin amincewa ne, 970 da 670 na neman yafiya.

7. Layin da aka yi kuskure: fara da ofis, amma ka riƙe wa'adi

Je ofishin da fayil ɗinku yake da kwafin shaidar karɓa, ka nemi jami'in da ke kula da asusunku. Ka ce masa a taƙaice, "Ranka ya daɗe, ga shaidar VAT na Janairu da ranar 20 ga Fabrairu, ga kuma tara a kansa, a taimaka a duba." Sau da yawa idan matsalar ta shigar da bayani ce, a nan ake gyarawa. Sai dai "za mu duba" ba gyara ba ne. Gyara shi ne ka ga layin ya fita daga bayanin asusun.

Dalilin wannan gargaɗi shi ne sashe na 42 na Act 915. Kwana 30 kake da su daga ranar da aka sanar da kai, ka shigar da ƙin amincewa a rubuce zuwa ga Kwamishina Janar, shugaban GRA. Takardar da ta iso 30 ga Yuni, wa'adinta 30 ga Yuli. Ni shawarata, idan mako biyu ya wuce layin bai fita ba, rubuta kawai, ko da jami'in yana ba ka haƙuri da kyakkyawar niyya. Ana iya neman ƙarin lokaci a rubuce, amma a nema kafin kwana 30 su cika, kuma ba dole ne a bayar ba.

Da Turanci ake rubuta wasiƙar, a kan takardar kamfani, darakta ya sa hannu. Shafi ɗaya ya isa. A sama sunan kamfani da TIN, lambar takardar tarar da ranarta da ranar da ta same ku. Sannan layin da ba ku yarda da shi ba da adadinsa. Sannan dalili a jimla biyu ko uku: wa'adin ritan ɗin 28 ga Fabrairu ne, an karɓe shi 20 ga Fabrairu, ga shaida a haɗe. A ƙarshe abin da kuke nema, a soke tarar sidi 1,720 a gyara asusun. Kada ka cika ta da labarin yadda kasuwa ta lalace, wannan na ɗaya wasiƙar ne. Kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa mai ɗauke da rana.

Akwai sharaɗin kuɗi da mutane ba sa sani sai sun je. Kafin a saurari ƙin amincewa, doka ta ce a biya kashi 30 cikin 100 na abin da ake jayayya a kai, tare da sauran bashin da babu jayayya a kansa. Kashi 30 na 1,720 shi ne sidi 516. Sauran layuka biyun, 1,640, suna cikin bashin da ba a jayayya a kansa, don haka su ma suna iya tare hanya. Kwamishina Janar yana da ikon ɗage wannan sharaɗi ko sassauta shi, amma sai an roƙa a rubuce. Idan da hali, biya 516 ka haɗa rasit, sannan ka ambata a wasiƙar cewa akwai roƙon yafiya a kan sauran biyun, kana neman kada su hana a duba wannan. Idan babu halin biyan komai, rubuta roƙon ɗage sharaɗin ka haɗa bayanin banki da ke nuna asusun a bushe yake.

Doka ta ba Kwamishina Janar kwana 60 ya yanke hukunci. Idan an ƙi, akwai hukumar ɗaukaka ƙarar haraji mai zaman kanta da gyaran doka na 2020, Act 1029, ya kafa, da wa'adin kwana 30. Gaskiya a kan tarar da ba ta kai sidi 2,000 ba, kuɗin zirga-zirga da na mai ba da shawara zai iya cinye ta, sai ka auna.

8. Layukan da suke daidai: roƙon yafiya

Act 915 ta ba Kwamishina Janar ikon yafe tara duka ko wani ɓangare idan mai biya ya nuna dalili mai ƙarfi. Iko ne nasa, ba haƙƙinka ba, don haka yadda ka gabatar da roƙon yana da tasiri. Abin da ke taimakawa shi ne a ga duk ritan an shigar babu saura, babu harajin da gwamnati ta rasa, kuma akwai takarda a bayan uzurin. Rashin lafiyar darakta da takardar asibiti, rasuwar wanda ke riƙe da harkokin kamfani, gobara da rahotonta, ko hoton allon da ke nuna asusun ya ƙi karɓa a ranar wa'adi, duk waɗannan ana iya dubawa. "Ban sani ba" shi kaɗai ba ya nisa, haka ma "kamfanin ba ya aiki", domin doka ba ta cire kamfanin da ke kwance daga shigar da ritan ba.

Haɗa bayanin banki na watannin, ka faɗi ranar da aiki ya tsaya, ka kuma faɗi matakin da kuka ɗauka don kada a maimaita. Wasu suna jiran irin afuwar da aka yi a 2021 ƙarƙashin Act 1065, lokacin da aka yafe tara da kuɗin ruwa ga masu tsohon bashi. Waccan doka ce mai wa'adi, kada ka gina shirinka a kan dawowarta.

Idan an ƙi yafewa, biya, ko ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi a rubuce. Kada ka ce ai kamfani ne ake bi ba kai ba. Dokar ta ba da damar a bi masu tafiyar da kamfani bashin harajinsa, kuma muddin akwai bashi a asusun ba za ku sami TCC ba, takardar shaidar biyan haraji da ake nema wajen kwangila da wasu lasisi. Na ga wanda kwangila ta zo masa bayan shekaru, tsohuwar tarar da bai waiwaya ba ta hana shi takardar a makon da yake buƙatarta.

9. Rufe ƙofar da tarar ke shigowa

Idan ka tsaya a mataki na takwas, wata mai zuwa za ka koma na farko. Rubuta wa ofishinku cewa kamfani ya dakatar da aiki tun rana kaza, ka nemi a sauke nau'o'in harajin wata-wata da ba su shafe ku yanzu ba. PAYE idan babu ma'aikaci ko ɗaya, sai ka haɗa da sanar da SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, don su ma suna da nasu lissafin na wata-wata. VAT kuma akwai neman soke rajista. Kafin ka nemi wannan duba sito, domin kayan da suka rage a hannu ranar sokewa ana ɗaukarsu kamar an sayar, kuma VAT na iya hawa kansu. Ofis zai iya turo jami'i ya ga wurin, ko ya duba littattafai kafin ya amince.

Daga ranar da ka kai wasiƙar har ranar da amsa ta zo a rubuce, ci gaba da shigar da sifiri kowane wata. Wannan tazara ce ta fi kama mutane, don suna ɗauka kai wasiƙa daidai yake da amincewa. Bayan amsar ma, shiga asusun ka tabbata nau'in harajin ya daina nuna sabon wata.

CIT kuwa yana nan muddin kamfanin yana raye a rajista, ƙiyasi a Maris, ritan a Afrilu, ga na ORC a gefe. Idan ka ga takardun akanta ba za su kammala kafin 30 ga Afrilu ba, nemi ƙarin lokaci a rubuce kafin ranar ta zo, domin bayan ta wuce babu wannan dama. Wanda ya tabbata ba zai koma ga kamfanin ba, gara ya fara shirin rufe shi gaba ɗaya ta ORC bayan ya daidaita da GRA, maimakon ɗaukar wannan nauyi shekara bayan shekara.

Duk takardun da suka fito daga wannan aiki, takardar tara, shaidun karɓa, wasiƙu masu hatimi, rasit da amsoshin ofis, sa su a fayil ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya. Doka ta ce a ajiye bayanan haraji aƙalla shekara 6, kuma idan layin da aka soke ya sake bayyana a asusun, wasiƙar sokewar ce za ka miƙa.